Waya ɗaya, farashi uku: ku duba kafin ku tura kuɗi

Jama'a, in kun ga waya ɗaya a shago uku da farashi daban-daban, kada ku yi saurin bin mai arha. Sau da yawa sunan ne kawai ɗaya. Redmi Note 13 tana da mai 128GB da mai 256GB, akwai mai 4G akwai mai 5G, kuma kowacce da kuɗinta. Wani tokumbo ce ya goge ya sa a sabon kwali. Wani kuma tun kafin dala ta tashi ya saro kayansa, shi ya sa nasa ya sauka, wannan halas ne.

Ni abin da nake yi, sai in ce mai shagon ya danna *#06# ya turo min bidiyo, in ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, ta yi daidai da ta jikin kwalin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A Jumia ko Konga kuwa, ku karanta ƙorafin masu saye, ba yabon ba. Wanda ya ce ku fita daga manhajar ku tura masa kuɗi kai tsaye don ya rage muku, ku rabu da shi, domin in kaya bai zo ba babu mai mayar muku da ko sisi.