Yadda ake cire ƙuraje a hoto ba tare da fuska ta koma kamar roba ba

Yaran da ke koyon aiki a situdiyonmu a unguwar Nima ta Accra kusan duk kuskurensu ɗaya ne, da sun ga ƙurji a fuskar amarya sai su ruga wajen Gaussian Blur su shafe kumatu gaba ɗaya, ƙurji ya tafi, ƙofofin gashi ma sun tafi, fuska ta zama kamar ta 'yar tsana. Ni a wajena haramun ne wannan.

Da farko ka san abin da za ka cire. Abin da zai warke da kansa cikin sati biyu, ƙurji, cizon sauro, kurjewar reza, shi ake cirewa. Tawadar Allah, tsagar gado da tabon sallah a goshin Alhaji, kar ka taɓa sai mai hoto ya ce.

A Photoshop ka buɗe sabuwar leya wadda ba komai a kanta da Ctrl+Shift+N, a nan duk gyaran zai zauna. Danna Ctrl+1 hoton ya tsaya 100%. Ɗauki Healing Brush, a sama wajen Sample ka zaɓi Current & Below. Girman buroshi ya ɗan fi ƙurjin kaɗan kawai, da [ da ] ake ragewa ko ƙarawa. Riƙe Alt ka danna lafiyayyar fata dab da ƙurjin, saki, sai ka ɗiga sau ɗaya a kansa. Ɗigawa, ba ja ba. Kowane ƙurji ka sake ɗauko fata sabuwa, kuma ta goshi a goshi take zama, ƙofofin gashin kumatu sun fi girma, in ka kai su goshi ido zai gane.

To ga inda na sha wahala. Ana ɗora leyar Black & White a saman leyoyi a ja Reds ƙasa don ƙuraje su fito fili, a baƙar fata kaɗan za ka ja in ba haka ba komai ya yi duhu. Wata rana ina gyaran hoton wata amarya daga Maamobi da Spot Healing Brush, na kunna Sample All Layers alhali leyar nan tana sama a kunne. Na gama ƙuraje wajen talatin, ina kashe ta sai ga ɗigo-ɗigon toka a fuskar baiwar Allah, buroshin ya kwaso har da rashin kalar. Wallahi sai da na goge leyar gyaran na faro daga farko, ga 'yan'uwanta suna jira. Shi ya sa nake nacewa kan Current & Below, ba ya ganin abin da ke sama.

Kusa da leɓe ko gira buroshin yana janyo duhu ya yi dabbare, nan sai Clone Stamp, shi ma ka sa Sample ɗinsa kamar na Healing Brush. In ka gama ka kashe leyar gyaran ka kunna sau biyu uku, inda ya yi sumul fiye da kewayensa ka goge da Eraser ka sake.