Bidiyo na ba da sauti amma babu hoto: yadda za ka gyara

Tambayar nan ta yi yawa, to ga matakan.

MP4 da MKV mazubi ne kawai, kamar kwarya. Hoton da sautin da ke ciki kowanne da irin matsinsa, wato kodek. Talabijin na iya gane sautin AAC ya kasa karanta hoton H.265, sai ka ji magana allo kuwa baƙi ƙirin.

1. Buɗe fayil ɗin da VLC, manhajar kunna bidiyo, a kwamfuta. In hoto ya fito, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, na'urarka ce ba ta gane shi ba.
2. Danna Ctrl+J ka duba sunan kodek ɗin hoton.
3. In ka ga HEVC, wato H.265, ko AV1, galibi shi ne mai laifin. Tsofaffin talabijin ba su san su ba.

Hattara: sauya .mkv zuwa .mp4 a suna ba ya taɓa abin da ke ciki. Haka ma umarnin `-c copy` na ffmpeg, manhajar sauya bidiyo, mazubi kaɗai yake sauyawa.

4. Sake matse hoton zuwa H.264 da ffmpeg:

```
ffmpeg -i tsoho.mkv -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -c:a aac sabo.mp4
```

Kada ka cire `yuv420p`. In asalin bidiyon mai launi 10-bit ne, ba tare da shi ba baƙin allon zai iya dawowa.

5. Gwada sabon a talabijin ɗin kafin ka goge tsohon.