Yadda ake rubuta rahoton maƙalewar lif da mutane a ciki

Yawancin yaranmu masu gadi a dogayen benayen Legas, idan lif ya maƙale da mutane, suna yin ƙoƙari wajen ceto, amma su zubar da komai wajen rubutu. Sai ka buɗe littafin ofishin gadi ka tarar da layi ɗaya: "Lif ya tsaya da mutane, an kira injiniya, an fito da su." Wannan ba zai amfani manaja ba, kamfanin gyara kuwa daɗi zai ji, don babu abin da za a kama shi da shi. Ga yadda nake so a yi.

Da farko ka riƙe lokaci, kuma ka riƙe shi tun abin yana faruwa. Lokuta shida ne: sa'ad da lif ya tsaya, sa'ad da aka danna ƙararrawa, sa'ad da wani ya amsa musu, sa'ad da aka kira injiniya, isowarsa, da fitowar mutum na ƙarshe. Kada ka tambayi wanda ya fito minti nawa ya yi a ciki ka rubuta amsarsa. Wanda ya sha zafi a cikin akwatin ƙarfe zai rantse maka awa guda ya yi, injiniya kuma zai ce minti goma sha biyar ne. Agogo ɗaya za ka yi aiki da shi, na wayarka, kuma ka rubuta cewa da shi ka yi.

A nan aka fi yin tuntuɓe. Kamarar tsaro tana da nata agogon, fanel ɗin lif ma yana da nasa, kuma da wuya su zo daidai, musamman a gidan da ake yawan ɗauke wuta. To ka tsaya gaban allon kamara, ka duba lokacin da yake nunawa, ka duba na wayarka, ka rubuta bambancin. Haka ma na fanel, ka roƙi injiniya ya nuna maka. In ba ka yi haka ba, ranar da aka zauna da kamfanin gyara, takardu uku za su ba da lokaci uku, a tashi ba a san wanda ya makara ba.

Mu ɗauki misali. A ce bene mai hawa goma a Victoria Island, an ɗauke wuta da 2:14 na rana, lif ya tsaya tsakanin hawa na 4 da na 5 da mutum uku. Sun danna ƙararrawa 2:15, ba wanda ya amsa sai 2:24, saboda wayar cikin lif ba ta aiki, mai shara ne ya ji bugun ƙofa. An kira injiniya 2:26, ya taso daga Ikeja, gosulo ya riƙe shi a gadar Third Mainland, ya iso 3:20, mutum na ƙarshe ya fito 3:33. Jimla minti 79. Amma dubi abin da rarrabewar ta tona: minti 9 sun tafi daga danna ƙararrawa kafin a san da su, wannan laifin gidan ne, minti 54 jiran injiniya, wannan sai a duba yarjejeniyar sabis a ga minti nawa suka yi alkawari, ceton kansa minti 13 kacal. Jimlar ita kaɗai da ba ta nuna ko ɗaya ba.

Na biyu, lafiyar mutanen. Ka tsaya a ƙofar hawan da ya fi kusa da su kana magana da su, kada ka bar su shiru. Ka tambaya su nawa ne, akwai yaro, tsoho ko mai juna biyu, akwai mai asma, hawan jini ko ciwon suga, fitila da fanka suna aiki ko a'a. Ka gaya musu akwatin lif yana da kafofin shigar iska, su matsa daga ƙofa, kada su yi ƙoƙarin ɓalle ta. A rahoto ka rubuta abin da ka ji da abin da ka gani, da lokacinsa: "2:50, matar ta ce jiri take ji, an ce ta zauna a ƙasa." Kada ka rubuta cewa jininta ya hau, kai ba likita ba ne. Idan wani ya suma, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ana jin warin ƙonewa, a daina jiran injiniya shi kaɗai, a kira 767 ko 112, layin gaggawa na Jihar Legas, su turo 'yan kwana-kwana ko LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar, a rubuta lokacin kiran. Bayan sun fito a ba su ruwa da wurin zama, a tambaya ko suna son asibiti. Wanda ya ƙi, a rubuta ya ƙi. Sunayensu da lambobinsu na cikin rahoto ne, ba na yawo a wayoyin ma'aikata ba.

Na uku, matakan ceto, bi da bi kamar yadda aka yi su. Wa ya kashe babbar wutar lif kafin a taɓa komai? An saki birki an kawo akwatin daidai da daɓen hawa, ko a inda ya tsaya aka buɗe? Wa ya riƙe makullin nan mai kusurwa uku na buɗe ƙofar hawa? Ni a wurina mai gadi ba ya taɓa wannan makulli sai wanda aka koyar. Idan akwatin ya tsaya sama da daɓe, akwai rami buɗe a ƙarƙashinsa har ƙasa, mai durowa yana iya zamewa ciki, kuma in wuta ta dawo ba a kashe ba lif yana iya motsawa da mutum a bakin ƙofa. In an yi ganganci irin wannan a rubuta shi yadda ya faru, ko da an fito lafiya. Sannan kafin injiniya ya kashe fanel ya sake kunnawa, ka ɗauki hoton lambar matsalar da ke kan allo. Ba ko sisi za ka kashe ba.

Sai tarihin gyara. Ka nemi littafin sabis, galibi yana ɗakin inji. Ka kwafi ranar sabis na ƙarshe da abin da aka yi, sau nawa lif ɗin ya maƙale a wata shida da suka wuce, da duk kayan da injiniya ya ce a canza amma ba a saya ba. A misalinmu, tambayar ita ce na'urar da ake kira ARD, wadda ke amfani da batir ta kai lif hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa idan wuta ta ɗauke. In akwai ta, me ya hana ta aiki, yaushe aka gwada ta, yaushe aka canza batir? Batir ɗin nan kan mutu shiru, wasu gidajen kuma suna jan ƙafa saboda kuɗinsa. In littafin babu, ko shafukan fayau suke, ka rubuta haka. A watan Agusta na 2023 lif ya faɗo da wata likita a masaukin likitocin Babban Asibitin Odan da ke Lagos Island, ta rasu, abokan aikinta kuma suka ce sun daɗe suna ƙorafi a kan lif ɗin. Shi ya sa nake so kowane ƙorafi ya shiga takarda da kwanan wata.

Ka gama rahoton kafin ka tashi aiki, injiniya ya rubuta musabbabi da hannunsa ya sa hannu, a ba manaja kwafi, kamfanin gyara kwafi, kai ma ka ɗauki hoto ka ajiye. Lif ɗin kuma ya zauna a rufe da sanarwa a kowane hawa har sai injiniya ya rubuta cewa ya gwada shi.