Yadda ake ƙulla cinikin da doka za ta tsaya maka a kai

Yawancin sababbin 'yan kasuwar da na ga sun yi asara, sun ɗauka ciniki ya faɗa ne alhali bai faɗa ba. A dokar kwangila da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, sai abu uku sun haɗu: tayi, amincewa, da abin da kowane ɓangare zai bayar a madadin abin da zai karɓa.

Fara da tayi bayyananne. Kasa kaya a rumfa gayyata ce kawai, ba tayi ba ne. Tayi shi ne mai hatsi ya ce maka: "Buhu goma na masara, kowanne naira 45,000, ka kwashe ranar Alhamis." Kaya, adadi, farashi da rana duk sun fito.

Sai amincewa, kuma a nan ne aka fi faɗawa rami. Dole ka karɓi tayin yadda yake, kuma maganarka ta isa kunnensa, domin shiru ba amincewa ba ne. Idan ka ce "a bar mini a 43,000", ka kashe tayinsa, ka kawo naka sabo. Da ya ce "albarka", babu sauran tayi a tsakaninku. Ka zaga kasuwa ka ga masara ta tashi, ka dawo da gudu kana cewa "na yarda da 45,000 ɗin", yana da ikon ya ƙi. Haka wata kotun Ingila ta yanke a 1840, a shari'ar Hyde da Wrench: an sa wa gona fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi, da ya dawo kan 1,000 kotu ta ce babu ciniki. Saboda haka in kana neman ragi, tambaya za ka yi: "Alhaji, akwai ragi?" Tambaya ba ta kashe tayi. Sai ka ji "na sallama" a kan farashin da kuka tsaya, sannan ka saki jiki.

Na uku, kowa ya ba da wani abu. Ba lallai kuɗi ya shiga hannu nan take ba, alƙawarin biyan 450,000 a madadin alƙawarin ba da buhu goma ya isa. Amma "ajiye mini zuwa Alhamis in yi shawara" ba ya ɗaure kowa, tunda ba ka saya ba, ba ka kuma ba da komai ba. Ka ƙulla cinikin, ka ba da kafin alƙalami ko da 20,000 ne. Ni ba na barin rumfa ban yi haka ba.

Kafin ka tafi, tura masa saƙon waya mai ɗauke da adadi, farashi, abin da ka biya da ranar kwashewa, ka jira ya amsa. Kuɗin saƙon bai kai na ruwan leda ba.