Goge sunan kamfani kaɗai ba ya rufa wa kwantiragi asiri

Abin ya ishe ni gani a ofisoshin masu fitar da kaya tsakanin Agege da Apapa. Mai saye ya turo kwantiragin riɗi da Turanci, Alhaji ya ce wa yaron ofis ya mayar masa da Hausa, yaro ya goge sunan kamfani a shafin farko, ya kwashe sauran ya zuba a manhajar fassara ta kyauta, wai ya yi taka-tsantsan. Duk abin da ka manna ya bar kwamfutarka ya tafi ta wani kamfani. A 2017 kafar NRK ta Norway ta gano takardun kamfanin mai na Statoil da aka sa a Translate.com suna fitowa a binciken Google. In kuma kwantiragin na da sashen Confidentiality, wato na riƙe sirri, mannawar kanta na iya zama saɓa alkawari, don haka shi za ka fara karantawa.

Babban kuskure yana wajen kuɗi. A ce kwantiragi ne na tan 190, kwantena goma, kowane tan dala 1,450, jimla dala 275,500. Yaro ya goge 1,450 ya bar jimla da yawan tan. To me ya ɓoye? Wanda ya raba 275,500 gida 190 ya samu farashin. Ya goge jimlar ma, amma a sashen biyan kuɗi an ce kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, dala 82,650, ga lissafi ya sake fitowa. Sannan akwai layin da ake maimaita kuɗin da kalmomi, wanda yakan fara da SAY US DOLLARS, shi ne ido ke tsallakewa saboda babu lamba a cikinsa. Farashin nan shi ne sirrin cinikin, shi abokin gasa yake nema, sunanka kuwa ya daɗe da saninsa. Ni ƙa'idata, duk lambar da ke da alaƙa da kuɗi ko nauyi ta fita gaba ɗaya, domin lamba ba ta bukatar fassara.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, wato loda fayil ɗin kansa. Haba jama'a! Fayil ɗin Word yana ɗauke da abin da ba ka gani. In an kunna Track Changes, mai ajiye duk gyaran da aka yi wa rubutu, lokacin ciniki, tsohon farashin da aka soke yana nan a kwance, tare da sharhin da lauya ya rubuta a gefe. Sunan kamfani yana saman kowane shafi da ƙasansa, yana kuma cikin sunan fayil ɗin. Masu shafa baƙin layi a kan PDF su ma su daina yaudarar kansu, rubutun yana ƙarƙashi. Gwada da kanka: danna Ctrl+A, ka kwafa, ka manna a Notepad, za ka ga abin da ka rufe ya bayyana. Maganin ke nan ma, ka fara zuba rubutun a Notepad, ka yi gyaran a can, daga nan ka ɗauki sashen da ba a gane ba kaɗai. Sau da yawa sashe biyu ne ke damun Alhaji, na tarar jinkiri da na inda za a yi shari'a in an samu saɓani.

Kada kuma a bar gurbi wayam. In ka goge sunayen ɓangarorin biyu ba ka sa komai ba, fassarar ba za ta nuna wa zai biya wa ba. Sa X1 a madadin mai sayarwa, X2 mai saye, X3 farashi, ta hanyar Ctrl+H mai nemo kalma ya musanya ta da wata, ka rubuta ma'anar kowanne a takarda daban. Ka nemi gajeren sunan kamfanin ma, domin Ctrl+H abin da ka rubuta masa kaɗai yake kamawa.

Lambar asusu mai lamba goma, lambar SWIFT ta banki, lambar RC ta rajistar kamfani a CAC, da lambar haraji ta TIN, duk su fita, RC kaɗai ta isa a gano kamfani. Shafin sa hannu kada ma a taɓa shi: sunayen daraktoci da shaidu, lambar waya, NIN ko fasfo bayanan mutane ne da dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa. Sunan jirgi da lambar kwantena su ma a cire.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su goge FOB Lagos da adadin kwanakin wa'adi. Waɗannan a bar su, domin da su ake sanin inda alhakin kaya ke barin wuyanka da ranar da tara za ta fara hawa.