Darasi na Bakwai: Gyaran Takardar Gayyatar Taro

Wanda aka miƙa wa takardar gayyata ba ya zama ya karance ta daga farko har ƙarshe. Idonsa amsar tambayoyi huɗu yake nema: wane taro ne, yaushe ne, a ina za a yi, kuma me zan yi in samu shiga? In bai ga amsa a layukan farko ba, sai ya ninke takardar ya ce sai anjima. Sau da yawa anjimar nan ba ta zuwa.

Ku karanta wannan gayyata a hankali:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna farin cikin sanar da ku cewa ƙungiyarmu, wadda ta daɗe tana ƙoƙarin haɗa kan masu sana'ar hannu, ta shirya taron ƙara wa juna sani, kuma duk mai son halarta sai ya mayar da fom kafin 6 ga Maris bayan ya karɓa a ofishin sakatare, domin taron zai gudana a babban zauren ƙungiya ranar 14 ga wata da safe, inda masana za su gabatar da jawabai masu amfani. Muna godiya ga shugabanni da iyayen ƙungiya bisa goyon bayansu."

Babu ƙarya a cikinta, babu rashin ladabi. Amma ku ɗauki biro ku zagaye ranar taro, da wurin taro, da abin da ake so mutum ya yi. Za ku ga duk zagayen sun taru a tsakiya, cikin jimla ɗaya mai tsawo. Wannan ita ce alamar cutar.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan haɗari. Ranaku biyu ne a takardar, kuma wadda ido zai fara cin karo da ita ita ce 6 ga Maris, ranar rufe rajista. Mai sauri zai ɗauka ranar taron ke nan, ya shirya ya tafi ya tarar da zaure a kulle. Ita kuwa ranar taron ta ainihi, "14 ga wata" kawai aka ce, ba sunan watan, ba sunan ranar. "Da safe" ma ba lokaci ba ne, domin ƙarfe takwas safiya ce, ƙarfe goma sha ɗaya ma safiya ce. Sannan an sa mayar da fom kafin karɓarsa, wato an juya matakan.

Gyaran ba sai an ƙirƙiro sabuwar magana ba. A tsamo abubuwan da aka zagaye a kai su sama, kowanne a layinsa, a cike abin da ya yi giɓi:

Gayyata: Taron Ƙara wa Juna Sani na Masu Sana'ar Hannu
Rana: Asabar, 14 ga Maris, 2026
Lokaci: Ƙarfe 9:00 na safe zuwa 1:00 na rana
Wuri: Babban zauren ƙungiya, hawa na farko

Yadda za a yi rajista:
1. Ku karɓi fom a ofishin sakatare.
2. Ku rubuta sunanku da sana'arku da lambar wayarku.
3. Ku mayar da fom ofishin, a ba ku katin shiga.

Za a rufe rajista ranar Juma'a, 6 ga Maris, da ƙarfe 4:00 na yamma.

Ku lura kowane mataki aiki ɗaya ne, kuma an jera su yadda mutum zai bi su da ƙafarsa. Ranar rufe rajista ta koma ƙarƙashin rajista, nesa da ranar taro, don kada su cakuɗe. An kuma sauya "kafin 6 ga Maris", saboda wannan lafazin yana jawo gardama: wanda ya zo ranar 6 ɗin, ya makara ko bai makara ba? Faɗin rana da ƙarfe ya kashe maganar. In kun rubuta sunan rana tare da kwanan wata, ku duba kalanda ku tabbata sun dace. Gayyatar da ta ce Asabar alhali kwanan watan ya faɗa Lahadi ta fi wadda ba ta faɗi ranar ba rikitarwa.

To, gaisuwa da godiya fa? Ba a zubar da su. Gaisuwa layi ɗaya ta isa a sama. Tarihin ƙungiya da godiya ga shugabanni su sauka ƙasa, mai lokaci ya karanta. Wasu na ganin yin haka rage girma ne ga manya, amma babban da aka gayyata shi ma ranar da wurin zai fara nema.

Aikin aji: kowa ya kwafi gayyatar farko a littafinsa, ya gyara ta ba tare da ya kalli tamu ba. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya karɓe takardar, ya tambaye shi ranar taro, da wurin, da matakin farko na rajista. Duk wanda abokinsa ya kasa amsa ɗaya daga ciki, ya nemo inda amsar ta maƙale ya matso da ita sama.