Yadda ake wanke ƙafar mai tundurmi da tsane ta

Tsutsar da sauro ke sa wa mutum ita ce ke lalata magudanan ruwan jiki, amma abin da ke ƙara wa ƙafa girma shekara bayan shekara shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga ta ƙaramin rauni. Duk zazzaɓin da suka tayar sai ya bar ƙafar ta fi da kumburi. Magungunan aibamektin da albendazol da ake rabawa suna rage tsutsa a jini, amma ba sa sacce ƙafar da ta riga ta kumbura. Aikin yana hannun sabulu da ruwa.

A tanadi baho, sabulun wanka marar turare, tsumman auduga mai laushi guda biyu, da ruwa mai tsabta wanda ba zafi. Safe da dare ake yi, ko aƙalla kullum kafin kwanciya. A fara wanke hannu, sannan lafiyayyar ƙafar, don ita ma tana cikin haɗari. Sai mai kumburin: a tayar da kumfa daga gwiwa zuwa yatsu, a ɗauraye, a maimaita har ruwan ya fito fes. Ban da soso mai kaushi ko dutsen goge ƙafa.

Tsanewa ce ake yi wa sakaci, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Dannawa ake yi da tsumma, ba gurzawa ba. A naɗe tsumman siriri, a zura shi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a buɗe kowane ninkin fata a tsane cikinsa. Bayan kowace alwala ma haka.

A ce matar da ke sayar da kayan miya a Rigasa ta dawo da damina, ƙafa duk taɓo. Bayan wanki ta ga tsakanin yatsu biyu na ƙarshe ya yi fari ya jiƙe, yana ƙaiƙayi. Cin ruwa ne, kuma ƙofar shigar cuta ke nan. Ta shafa man kulotirimazol safe da dare, kada ta sosa, ta riƙa sa takalmi mai faɗi da ba ya matse ƙafa. Da hunturu kuwa faso ne abin tsoro, sai ta shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya, ban da tsakanin yatsu. In ta zauna ko ta kwanta, ta ɗora ƙafar kan matashi.

Idan ƙafa ta yi zafi da zogi, ga rawar sanyi da kaluluwa, cuta ta shiga. A dakatar da motsa ƙafar, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, a sha farasitamol da ruwa sosai, a tafi asibiti a ranar domin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a gasa da ruwan zafi, kada a fasa bororo. Wankin kuma ana ci gaba da shi a hankali, gwargwadon yadda mai ciwon zai iya jurewa.